Lambar Kaya: Yadda Mai Ƙaramin Shago Zai San Abin da Ke Kan Kantarsa

Idan mai saye ya tsaya bakin shagon tireda ya ce a ba shi madara, mai shago ba ya miƙa hannu kai tsaye. Sai ya tambaya: ta ruwa ko ta gari? Ta gwangwani ko ta leda? Babba ko ƙarama? Ta wane kamfani? Sai an amsa waɗannan tambayoyi sannan a san abu guda da ake nufi, wanda ke da farashinsa, da wurin zamansa a kan kanta, da adadin da ya rage. Wannan abu guda da tambayoyin suka ƙare a kansa shi ne manyan kantuna da manhajojin ciniki ke kira stock keeping unit, kuma duk wanda ya taɓa buɗe manhajar lissafin kaya ya ga gurbin da aka rubuta SKU a samansa. A wannan gurbi ake sa gajeriyar lambar da mai shago ya raɗa wa kayan. A nan za mu riƙa ce mata lambar kaya.

Madara dai rukuni ce, ba kaya guda ba. Littafin da aka rubuta “madara, 60” a cikinsa bai faɗi komai ba, domin mai yiwuwa hamsin daga ciki manyan gwangwanaye ne da suka yi wata biyu ba a taɓa ba, ƙananan ledar da ake nema safe da yamma kuwa saura goma. Muddin mai shago shi kaɗai ne, kuma kayansa ba su wuce kala talatin ko arba’in ba, kansa ya ishe shi. Matsalar na farawa ranar da ya ɗauki yaron shago, ko ya bar wa matarsa ko ƙaninsa ya tafi kasuwa saro kaya, ko kayan suka kai kala ɗari biyu. A ranar za a ga mutum ɗaya ya rubuta “taliya babba”, wani ya rubuta “sufageti”, wani kuma ya rubuta sunan kamfani kawai, alhali duk abu ɗaya suke nufi. Malamin aji da ke da ɗalibai uku masu suna Musa ya san maganin wannan: kowa da lambarsa a rijista. Aikin da lambar kaya ke yi ke nan.

Mutane da yawa na ɗauka cewa siraran layukan nan baƙi da fari da ke bayan kwali, wato bakod, su ne lambar kaya. Sun bambanta. Lambar da ke ƙarƙashin layukan ta kamfanin da ya fitar da kayan ce, kuma wata ƙungiya ta duniya mai suna GS1 ke kula da rabon ta don kada kamfanoni biyu su yi karo. A Amurka yawanci alƙaluma 12 ce, a sauran ƙasashe 13. Wadda ta fara da 615 ta kamfanin da ya yi rajista a Najeriya ce, 603 kuwa ta Ghana, ko da yake hakan ba ya tabbatar da inda aka sarrafa kayan. Tun 1974 ake karanta irin waɗannan layuka da na’ura a wajen biyan kuɗi, lokacin da aka fara da ƙunshin cingam a wani kanti da ke garin Troy a jihar Ohio. Lambar iri ɗaya ce a kowane shago a duniya. Lambar kaya kuwa taka ce, kai ka ƙirƙire ta, kuma maƙwabcinka na iya ba kaya iri ɗaya wata lambar dabam ba tare da an yi wa kowa laifi ba. Haka ma lambar rajistar NAFDAC da ke jikin abinci da magani, aikinta nuna cewa hukuma ta amince da kayan, ba lissafin kanta ba.

Me zai hana a yi amfani da bakod kawai a huta? Na farko, rabin kayan shagon unguwa ba su da shi: sukarin awo, garin kwaki, gyaɗa, ƙullin gishiri, man ja a gora. Na biyu, babu mai iya riƙe alƙaluma goma sha uku a ka, balle ya faɗe su ta waya ba kuskure. Wanda ke da na’urar karantawa ya ajiye bakod a gurbinsa dabam, gefen lambar kayansa, su yi aiki tare.

Tambayar farko: mene ne kaya guda?

Kafin a ƙirƙiri lamba ko ɗaya, sai an yanke wannan hukunci, kuma a nan mafi yawan tsare-tsare ke lalacewa. Ma’aunin da na fi yarda da shi shi ne: in mai saye zai ƙi karɓar wannan a madadin wancan, ko farashinsu ya bambanta, ko kuwa dabam-dabam kake odarsu, to kaya biyu ne, kowane da lambarsa. Taliya mai giram 500 ta kamfani kaza da ta kamfani kaza kaya biyu ne ko da kuɗinsu ɗaya, tunda akwai matar da ba ta dafa sai guda. Mai sayar da takalma da ke da samfuri ɗaya a launi uku da lamba biyar, daga 40 zuwa 44, kaya goma sha biyar gare shi, domin wanda ƙafarsa 43 ce ba abin da 41 zai yi masa.

Amma kada a wuce gona da iri. In kana sayar da soson wanke-wanke da ke zuwa a gauraye, ja da kore da rawaya, kuɗinsu ɗaya, kuma ba ka iya odar launi guda, lamba ɗaya ta isa. Kowace lamba da ka ƙara, layi ne da za a riƙa ƙirgawa kowane mako. Lambar da ba za ta taimake ka yanke shawarar saye ko sayarwa ba, wahala ce kawai.

Yadda ake gina lambar

Hanyoyi biyu ake bi. Wasu na cusa dukkan bayani a cikin lambar: rukuni, kamfani, girma, launi, dila, har da shekarar saye, sai ta zama doguwa mai haruffa ashirin da ba mai iya rubutawa sau biyu iri ɗaya. Wasu kuma na bin jeri tsagwaro, 1001, 1002, 1003, ba tare da wata ma’ana ba. Wannan ya dace da babban kantin da na’ura ke karanta komai, amma a shagon da ake rubutu da biro, in yaro ya rubuta 1032 maimakon 1023 babu abin da zai nuna an yi kuskure. A ganina abin da ya fi dacewa da ƙaramin shago yana tsakiya: gaɓa uku, kowace da aiki ɗaya.

Gaɓar farko haruffa uku ne na rukuni, a harshen da ake magana da shi a shagon: TAL na taliya, MAD na madara, SAB na sabulu, SUK na sukari. Rukuni goma zuwa ashirin sun ishi yawancin shagunan tireda. Gaɓa ta biyu alƙaluma uku ne da ke tafiya a jere, daga 001, bisa yadda kayan suka shigo, ba tare da wata ma’ana ba. Gaɓa ta uku harafi ɗaya ne na ma’aunin da ake sayarwa da shi: D na ɗaya-ɗaya, R na rol, K na katan, B na buhu, M na mudu. Ga yadda shafin farko na rijista zai kasance:

```
TAL-001-D  Taliya doguwa, giram 500, ƙwaya
TAL-001-K  Taliya doguwa, katan mai 20
TAL-002-D  Makaroni, giram 500, ƙwaya
SUK-001-B  Sukari, buhu mai kilo 50
SUK-001-M  Sukari, mudu
```

A gaban kowace lamba za a rubuta cikakken suna, da kamfani, da nauyi, da kuɗin saye, da kuɗin sayarwa, kowane a gurbinsa. Lambar ba ta ɗauki waɗannan ba, kuma da gangan aka yi haka. Abin da ke shiga lamba shi ne abin da ba ya canzawa. Taliya ba za ta wayi gari ta zama sabulu ba, katan kuma ba zai zama mudu ba. Farashi kuwa kowa ya san yadda yake motsi. In ka sa shi a lamba, duk ranar da ya tashi sai ka sake lambar, ka sake takardar da ke kan kanta, kuma tarihin cinikin kayan ya rabu gida biyu. Haka sunan dila: yau ka saro wajen wannan a kasuwar Singa, gobe wajen wancan, kayan dai su ne. Haka wurin ajiya, tunda ana sake jera kanta. Ranar lalacewa ma ba ta shiga, domin kowane zubi da tasa. A rubuta ta da babban alƙalami a jikin katan, a tura tsohon kaya gaba.

Sifirin da ke gaban lamba ba ado ba ne. In aka rubuta 1, 2, 10, kwamfuta za ta jera lambobin da suka haɗu da haruffa ta sa TAL-10 kafin TAL-2. Da 001, 002, 010 kowa na zama a wurinsa, kuma duk lambobin tsawonsu ɗaya, don haka ido na saurin gane wadda aka yi wa ragi ko ƙari. Alƙaluma uku na ba kowane rukuni gurbi 999, abin da ƙaramin shago ba zai cika ba.

Katan da ƙwaya

Harafin ƙarshen nan shi ya fi komai amfani a shagon tireda, domin sana’ar ke nan: a saro da yawa a fasa a sayar kaɗan-kaɗan. Bari mu bi taliyar can tsawon mako guda, da alƙaluman misali.

Ranar Asabar da safe akwai katan 5 a sito, da ƙwaya 8 a kan kanta. A cikin makon mai shago ya saro katan 4, ya sayar wa masu abinci katan 3 a rufe, ya fasa katan 2 ya zuba a kanta, sannan aka sayar da ƙwaya 37. Lissafin TAL-001-K shi ne 5 a tara da 4, a cire 3 da aka sayar, a cire 2 da aka fasa: saura 4. Na TAL-001-D kuwa 8 a tara da 40 da suka fito daga katan biyun, a cire 37: saura 11. Ranar Juma’a da yamma aka ƙirga, aka tarar da katan 4 da ƙwaya 11. Littafi da kanta sun yi daidai.

To a ce yaron shago ya fasa katan na biyu lokacin da layi ya yi tsawo, ya manta bai rubuta ba. Littafi zai ce akwai katan 5, sito ya nuna 4. Mai shago da bai raba katan da ƙwaya ba zai ga katan guda ya yi ɓatan dabo, kuma da yawa daga nan ake fara zargin yaro da ɗan hali, alhali bai ci ko sisi ba. Amma wanda ya raba zai duba ɗayan layin: 8 a tara da 20, a cire 37, ya ba da 9 ƙasa da sifiri. Ba a sayar da abin da babu shi, don haka duk layin da ya faɗa ƙasa da sifiri na nuna cewa kaya sun shigo ba a rubuta ba. A kanta kuma ga ƙwaya 11. Tazarar da ke tsakanin abin da littafi ya ce da abin da ke kanta 20 ce cif, wato katan guda. An gano inda ya shiga.

Saboda haka fasa katan ciniki ne da ya wajaba a rubuta, ko da kuɗi bai shigo ba: a rage ɗaya a layin K, a ƙara adadin da ke cikinsa a layin D, a lokaci guda, kafin a tsaga salatif. Wanda kuma ba ya sayar da katan a rufe ko kaɗan ba ya bukatar layin K. Da zarar kaya sun iso ya mayar da su ƙwaya, katan 4 ya zama 80.

Kayan awo sun fi wuya, kuma gara a san iyakar tsarin a nan. Katan mai 20 kullum 20 ne, amma buhu ba ya ba da mudu iri ɗaya kullum. Girman mudu ya bambanta daga gari zuwa gari, hannun mai awo ma ya bambanta, ga gyara da ake yi wa abokin ciniki, ga abin da ke zuba a ƙasa. Kada ka karɓi adadi daga bakin kowa. Auna buhu biyu ko uku da mudunka, yadda ka saba tozo shi, ka rubuta abin da ya fito. A ce ka samu 20. Duk buhun da aka buɗe sai a rage ɗaya a SUK-001-B a ƙara 20 a SUK-001-M. In buhu ya ƙare littafi na cewa saura rabin mudu, wannan ba abin damuwa ba ne, a share a ci gaba. In kuwa buhu bayan buhu yana ƙarewa littafi na cewa saura mudu biyu, to ɗayan uku ne: buhun ba ya zuwa a cike, ko awon ya yi yawa, ko ana sayarwa ba a rubutawa. Ɗora buhu na gaba a sikeli kafin a kwance bakinsa, ka ga ko kilo 50 ɗin sun cika, za ka kawar da zato ɗaya daga cikin ukun.

Tarkon rubutu da na kwamfuta

Harafin O da sifiri, da harafin I da 1, suna kama da juna a rubutun hannu. Tsarin da ke sama ya rage wannan haɗari, tunda kowa ya san gurbi uku na farko haruffa ne, uku na tsakiya alƙaluma. Abin da za a kiyaye shi ne kada a cakuɗa su a gaɓa ɗaya.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, a bar su a gurbin cikakken suna, kada su shiga lamba. Wata wayar na da su wata ba ta da su, kuma a wajen kwamfuta ƘWA da KWA abu biyu ne, sai a nemi kaya a rasa. Ga kuma gaba: in wata rana ka so buga wa kayanka bakod na kanka, tsarin da aka fi sauƙin bugawa, Code 39, manyan haruffan A zuwa Z da alƙaluma da ’yan alamomi kaɗan kawai ya sani. Don haka rukunin ƙwai sai ya zama KWA. In rukuni biyu suka yi karo, kamar madara da madubi, ɗaya ya ɗauki MAD ɗaya MDB, a rubuta a shafin farko na rijista.

Mai amfani da Excel na da nasa tarkon. Lambar da ta fara da sifiri, kamar 0045, manhajar na mayar da ita 45. Lamba kamar 3-12 tana zama kwanan wata. Wannan na iya cin mai Hausa ta inda bai zata ba: wanda ya sa wa mayafi MAY-12, ko marfi MAR-10, ko jan yadi JAN-15, zai ga sun rikiɗe sun koma ranakun Mayu da Maris da Janairu. Ba ƙananan ’yan kasuwa kaɗai abin ya dama ba. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna ya canza sunaye irin su MARCH1 da SEPT1 saboda wannan matsala. Lamba mai gaɓa uku da ta ƙare da harafi ba ta faɗawa wannan rami, amma duk da haka a mayar da gurbin lambobin zuwa Text kafin a fara shigarwa, musamman gurbin bakod, wanda in ba haka ba zai bayyana a dunƙule kamar 6.15E+12. Don gano lambar da aka maimaita, in lambobin na gurbin A, a sa wannan a gefe a ja shi har ƙasa:

```
=COUNTIF(A:A,A2)
```

Duk layin da ya nuna fiye da 1, an ba kaya biyu lamba ɗaya, ko an shigar da kaya ɗaya sau biyu.

Yaushe ake sabuwar lamba?

In kamfani ya sake zanen leda kawai, lambar na nan. In farashi ya tashi, tana nan. In kuwa ya rage nauyi, a ce daga giram 500 zuwa 400, ko katan mai 20 ya koma mai 18, wannan sabon kaya ne, sai sabuwar lamba, domin akwai makonnin da tsoho da sabo za su zauna tare a kanta, kuma lissafin fasa katan ya canza.

Kayan da aka daina sayarwa a ja layi a kan lambarsa, a rubuta ranar, a bar ta ta mutu da shi. Akwai sha’awar cike gurbin: TAL-002 ta zama fanko, me zai hana a ba sabon kaya? Abin da zai hana shi ne tsofaffin shafuka. Littafin bashi na watan jiya na cewa wance ta karɓi TAL-002-D guda uku, kuma in lambar ta koma kan kaya mai wani farashi, ranar biya za a yi musu. Gurbi ba ya ƙarewa, a ɗauki lamba ta gaba. Sannan mutum ɗaya ne zai riƙa raɗa lamba, daga rijista ɗaya. In yaro ya karɓi sabon kaya mai shago ba ya nan, ya rubuta cikakken sunan ya ajiye har a dawo.

Wanda zai fara ba sai ya rufe shago ba. Ya ɗauki rukuni ɗaya a rana, ya fara da masu saurin tafiya. Ya sauke kayan rukunin duka, ya ware su bisa ma’aunin da aka ambata, ya ba kowane lamba, ya ƙirga, ya rubuta adadin da kwanan wata a matsayin mafari. Sai ya rubuta lambar da manyan haruffa a guntun kwali ko farin salatif ya manna a bakin kanta daidai inda kayan ke zama, da kuma jikin katan a sito, domin lambar da ke cikin littafi kaɗai ba mai amfani da ita lokacin da ciniki ya kankama. Daga nan kowane mako a ƙirga rukuni biyu ko uku a gwada da littafi, ta yadda cikin mako huɗu zuwa goma an zagaye shagon duka. A makonnin farko za a ga bambanci da yawa, kuma kafin a zargi kowa, a fara duba abu uku: katan da aka fasa ba a rubuta ba, kayan da aka ɗiba don amfanin gida, da lambobi biyu maƙwabta, irin su 001 da 002, inda ɗaya ta yi rara ɗaya ta yi giɓi da adadi iri ɗaya, alamar an sayar da wannan an rubuta wancan.